Aljihu Daban, Zuciya Daban: Yadda Za Ka Auna Asarar Da Za Ka Iya Ɗauka Kafin Ka Zuba Jari

Duk wanda ya taɓa buɗe asusun zuba jari ya ci karo da wannan tambayar a takardar da ake cikawa: "Wane irin mai zuba jari ne kai, mai taka-tsantsan, matsakaici, ko mai son kasada?" Yawancin mutane sukan ɗan yi jim, su zaɓi na tsakiya, su wuce. Matsalar ita ce tambaya ɗaya ce ta haɗiye tambayoyi biyu waɗanda ba ruwan ɗaya da ɗaya. Ta farko: idan kuɗin nan ya ragu da rabi, rayuwarka za ta ci gaba yadda ka tsara ta? Ta biyu: idan ya ragu da rabi, za ka iya zama ka zuba masa ido ba tare da ka sayar a firgice ba? Ta farko lissafi ce, ana amsa ta da biro da takarda. Ta biyu halin mutum ce, kuma sau da yawa mutum bai san amsarta ba sai ranar da abin ya same shi.

Zan kira ta farko ƙarfin aljihu, ta biyu kuma ƙarfin zuciya. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan jagorar shi ne lambobi biyu, kowacce a rubuce da adadin kuɗi, sannan ka yi aiki da ƙaramar cikinsu. Duk sauran bayanin hanya ce ta samo waɗannan lambobin ba tare da mutum ya ruɗi kansa ba.

Don maganar kada ta tsaya a iska, za mu bi misalin wata mata mai shekara 42, ma'aikaciya mai albashi tsayayye. Tana samun 450,000 a wata, larurorin gidanta na cin 300,000, tana ajiye 100,000, sauran na tafiya a ƙananan hidimomi. Ta tara miliyan 10, kuma tana sa ran yin ritaya bayan shekara 18. Kowane irin kuɗi kake amfani da shi, lissafin bai canja ba, don haka ban sa wa alƙaluman suna ba.

Mataki na farko: ka san girman ramin

Ba za ka iya cewa ko za ka jure faɗuwa ba alhali ba ka san zurfin ramin ba. Kalmar "kasada" ba ta tsorata kowa, adadi ne ke tsoratarwa. Saboda haka mu fara da abin da ya riga ya faru a manyan kasuwannin hannun jari.

Ma'aunin S&P 500, wanda ke bin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 57 cikin ɗari tsakanin Oktoban 2007 da Maris na 2009, kuma farashinsa bai koma inda yake ba sai a Maris na 2013. Wato wanda ya saya a ƙololuwa ya shafe kusan shekara biyar da rabi yana jira. A 2020, lokacin annobar korona, ma'aunin ya zube da kusan kashi 34 cikin ɗari a cikin makonni biyar kacal, amma ya farfaɗo cikin 'yan watanni. A Japan kuwa, ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake wuce wurin ba sai a Fabrairun 2024. Shekara talatin da huɗu ke nan. Ina kawo na Japan ne don kada wani ya ɗauka cewa an yi alƙawarin kasuwa za ta dawo a kan lokacin da ya dace da shi.

Daga nan ne nake ɗaukar kashi 50 cikin ɗari a matsayin faɗuwar da ya kamata mai hannun jari ya shirya mata, da kuma shekara biyar zuwa sama na jiran farfaɗowa. Amma a kula, wannan na wanda ya baza kuɗinsa a kamfanoni masu yawa ne. Wanda ya zuba komai a kamfani ɗaya, ko a kuɗin kirifto guda, ramin nasa ba shi da ƙasa, domin abu ɗaya yana iya komawa sifili bai dawo ba. Irin wannan sai a lissafa shi da kashi ɗari cikin ɗari.

Akwai kuma wani ɗan lissafi da mutane ke mantawa. Idan dubu ɗari ta faɗi da rabi ta koma dubu hamsin, ba kashi 50 take buƙata ta dawo ba, sai ta ninka kanta, wato kashi 100. Faɗuwar kashi 20 tana buƙatar hawan kashi 25. Hawa daga rami ya fi faɗawa cikinsa tsawo.

Mataki na biyu: ware kuɗin da ba na kasada ba ne tun asali

A nan ne aikin ƙarfin aljihu ke farawa, kuma a nan ne akasarin kuskure ke faruwa. Mutum yakan dubi jimillar abin da ya tara ya ce, "Ina da miliyan 10 na zubawa." Ba haka ba ne. Wani ɓangare na kuɗin yana da mai shi, lokacin karɓa ne kawai bai yi ba.

Matar nan tamu za ta fara cire kuɗin ko-ta-kwana, wanda zai riƙe gidan idan albashi ya tsaya ko rashin lafiya ta faɗo. An saba cewa a ware na wata uku zuwa shida. Ita da yake akwai masu dogaro da ita, ta ɗauki shida: 300,000 sau shida, miliyan 1.8. Lura cewa da kuɗin larura aka yi lissafin, ba da albashin gaba ɗaya ba.

Sai ta rubuta duk wata babbar hidima da ta san tana tafe cikin shekara biyar, tare da ranarta. Tana da kuɗin karatun ɗanta na jami'a da zai fara bayan shekara biyu, da gyaran rufin gida da ba zai wuce baɗi ba. Jimilla miliyan 2.2. Dalilin da ya sa aka ce shekara biyar shi ne abin da muka gani a sama: kasuwa tana iya faɗuwa ta kwana biyu a ƙasa, makaranta kuwa ba za ta ɗaga ranar biya don kasuwa ta farfaɗo ba. Duk kuɗin da yake da rana tsayayya a kusa, ba shi da ƙarfin ɗaukar asara ko na ƙwabo, komai ƙarfin halin mai shi.

In da tana da bashi mai kuɗin ruwa mai yawa, shi ma da an cire shi a nan, domin babu hikima a neman ribar da ba ta da tabbas alhali bashi na cin ka da tabbas. Ita ba ta da shi. Abin da ya rage mata miliyan 6 ne. Wannan ne kawai kuɗin da ake maganar kasada a kansa.

Mataki na uku: auna ƙarfin aljihu da adadi

Yanzu tambayar ita ce, daga cikin miliyan 6 ɗin nan, nawa za ta iya rasawa ba tare da ritayarta ta rushe ba? Hanyar da na fi amincewa da ita, don ba ta buƙatar hasashe mai yawa, ita ce a tambaya: nawa za ta iya mayarwa daga ajiyarta ta wata-wata cikin shekara biyu? Tana ajiye 100,000 a wata, cikin wata 24 ta tara miliyan 2.4. Ke nan idan ta yi asarar miliyan 2.4, ko da kasuwa ba ta dawo da ƙwandala ba, abin da ya same ta shi ne jinkirin shekara biyu a tafiyar shekara 18. Akwai zafi, amma tsarinta na nan. Shekara biyun nan zaɓina ne, ba doka ba ce. Mai shekara 28 yana iya ɗaukar uku ko huɗu, wanda ritaya ta rage masa shekara shida kuwa ko guda ɗaya ta yi masa yawa.

Kafin ta amince da wannan adadin, sai ta gwada shi da tambayoyi uku, kuma kowacce tana iya rage shi.

Ta farko, yaya ƙarfin hanyar samunta yake? Albashin da ba ya motsi ko tattalin arziki ya girgiza daban yake da kuɗin shigar ɗan kwangila ko ɗan kamasho. Abin da ya sa wannan ke da nauyi shi ne faɗuwar kasuwa da rasa aiki sukan zo tare, domin abu ɗaya ke haifar da su. A 2008 mutane da yawa sun rasa aiki a daidai lokacin da jarinsu ya zube, dole ta sa suka sayar a farashi mafi muni. Wanda samunsa ke bin yanayin kasuwa, lissafinsa na wata 24 ya yi shi da abin da yake ajiyewa a shekarar da ta fi muni, ba a shekarar da ta fi kyau ba.

Ta biyu, shin jarin da aikin a kwando ɗaya suke? Ma'aikatan kamfanin Enron na Amurka da yawa sun zuba kuɗin ritayarsu a hannun jarin kamfanin da suke wa aiki. Da kamfanin ya durƙushe a ƙarshen 2001, aiki da ajiya suka tafi a lokaci guda. In kana aiki a wani fanni, kuma jarinka duk a fannin yake, to asararka biyu ce ke jiran rana ɗaya.

Ta uku, zubawa kake yi ko ɗiba? Wannan ya fi shafar wanda ya yi ritaya. Mai zubawa duk wata, faɗuwar kasuwa arha ce ta zo masa. Mai ɗiba duk wata kuwa, idan farashi ya faɗi da rabi, sai ya sayar da ninkin hannun jarin da ya saba sayarwa kafin ya sami kuɗin wata guda, kuma abin da ya sayar ba zai kasance a wurin ba ranar da kasuwa ta tashi. Shi ya sa faɗuwar da ta zo a shekarun farko na ritaya ta fi wadda ta zo daga baya illa, ko da girmansu ɗaya.

Matar tamu aikinta tsayayye ne, jarin ba a ma'aikatarta yake ba, kuma zubawa take yi. Lambarta ta farko ta tsaya a miliyan 2.4. Ka lura har yanzu ba mu tambaye ta yadda take ji ba. Da gangan ne. In ka bari tsoro ko zumuɗi ya shigo wannan matakin, lissafin ya gurɓata.

Mataki na huɗu: auna ƙarfin zuciya

Wannan ya fi wuya, don haka zan daɗe a kansa. Wahalar ita ce mai aunawa da abin da ake aunawa duk mutum ɗaya ne, kuma yana aunawa ne a ranar da hankalinsa yake kwance, game da ranar da hankalinsa zai tashi.

Daniel Kahneman da Amos Tversky, masana halayyar ɗan'adam, sun nuna tun a 1979 cewa mutane ba sa auna riba da asara da sikeli ɗaya, kuma binciken da suka yi daga baya ya kiyasta cewa zafin asara ya kai kusan ninki biyu na daɗin ribar da ta yi daidai da ita. Ma'ana, rasa dubu ɗari yana ƙona rai kusan kamar yadda samun dubu ɗari biyu ke faranta shi. Wannan ba rauni ba ne na wasu tsiraru, haka akasarinmu muke. Amfanin sanin haka shi ne ka yi shakkar amsarka ta farko. Lokacin da kasuwa ke hawa kowa jarumi ne.

Gwaji na farko, kuma mafi gaskiya, shi ne tarihinka. Ba abin da kake tsammanin za ka yi ba, abin da ka riga ka yi. Ka tuna lokacin da ka taɓa yin asarar kuɗi mai ɗan kauri, a jari ne ko a sana'a ko bashin da aka ƙi biyanka. Nawa ne, kuma kashi nawa ne na abin da ka mallaka a lokacin? Ka yi barci a daren? Ka ɓoye wa iyalinka? Ka yanke wata shawara cikin gaggawa wadda ka yi nadamarta? Matar tamu ta tuna cewa shekarun baya ta sayi hannun jari na 500,000, ya ragu zuwa 400,000. Ba ta sayar ba, amma takan farka cikin dare ta jawo waya daga ƙarƙashin matashi ta duba farashin, alhali ta san kasuwa a rufe take kuma lambar ba za ta motsa ba. Ranar da farashin ya dawo daidai inda ta saya, ta sayar da komai, ta yi ajiyar zuciya. Wannan labarin ya faɗa mana abu biyu: ba mai saurin firgita ba ce, amma jimiri take yi tana shan wuya, kuma asarar 100,000 kawai ce ta yi mata haka.

Gwaji na biyu shi ne a mayar da kashi zuwa kuɗi, a kuma bar faɗuwar ta zo sannu-sannu kamar yadda take zuwa a zahiri. In ka tambayi mutum ko zai jure faɗuwar kashi 25, zai ce zai jure. In ka ce masa "ajiyarka ta shekara guda cur ta tafi", sai fuskarsa ta canja, alhali magana ɗaya ce. Saboda haka ta ɗauki takarda, ta ƙaddara cewa ta zuba miliyan 4.8, adadin da in ya faɗi da rabi asararta za ta kai miliyan 2.4 ɗin da aljihunta zai iya ɗauka, ta rubuta abin da za ta riƙa gani a asusunta duk bayan wata uku: miliyan 4.3, sai 3.9, sai ya ɗan ɗaga zuwa 4.1 har ta fara sa rai, sai 3.6, sai 3.0, sai 2.4. A kowane layi ta tsaya ta ƙaddara cewa labarai na cewa abin zai ƙara muni, abokan aikinta duk sun sayar, kuma babu wanda ya san ko nan ne ƙarshen ramin. Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin gwajin. Mu da muke duban 2009 daga yanzu mun san kasuwa ta dawo, wanda yake ciki bai sani ba. Tambayar ita ce: a wane layi ne hannunki zai kai ga sayarwa? Ta ce a miliyan 3.6. Wato asarar miliyan 1.2 ce iyakarta.

Gwaji na uku na wanda ba shi da tarihi ne ko kaɗan. Gani ya kori ji: ya zuba ɗan abu, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da yake niyya, ya bar shi wata shida zuwa shekara, yana lura da kansa ba da farashin ba. Sau nawa yake dubawa a rana? Ranar da ya faɗi da kashi biyar, fushin ya bi shi har gida? Sai dai wannan gwajin yana da iyaka. Ƙaramin kuɗi ƙaramin zafi yake kawowa, kuma idan shekarar ta zo da hawa kawai, bai koyi komai game da kansa ba illa daɗin riba. Wanda bai taɓa ganin babbar faɗuwa da kuɗinsa a ciki ba, shawarata ya rage sulusin duk adadin da ya faɗa.

In kuna da aure kuma kuɗin ya shafi gidan, kowa ya yi gwajin shi kaɗai, sannan a ɗauki na wanda ya fi tsoro. Jarin da ɗaya ke jurewa ɗayan kuma yana kwana da fargaba, ƙarshensa sayarwa ne, sai dai a sayar bayan an ɓata wa juna rai.

Mataki na biyar: haɗa lambobin biyu

Yanzu tana da lambobi biyu: aljihu ya ce miliyan 2.4, zuciya ta ce miliyan 1.2. Ana ɗaukar ƙaramar, a raba ta da faɗuwar da aka shirya wa:

```
ƙaramar lamba ÷ 0.5 = iyakar hannun jari
1,200,000 ÷ 0.5 = 2,400,000
```

Ke nan za ta zuba miliyan 2.4 a hannun jari da aka baza a kamfanoni da yawa, wato kashi 40 na miliyan 6 ɗin nan. Sauran miliyan 3.6 ya tafi wuraren da ba su cika girgiza ba, kamar takardun lamunin gwamnati na gajeren zango, ko sukuk, wato takardun jari masu bin tsarin Musulunci, ko ajiyar banki ta ƙayyadadden lokaci. Kada dai a ɗauka waɗannan ba sa motsi sam. A 2022 hannun jari da takardun lamuni sun faɗi tare a manyan kasuwannin duniya, saboda tashin kuɗin ruwa yana rage farashin takardun da ke hannu, musamman masu dogon zango.

Wani zai ce ai an cuce ta, aljihunta yana iya ɗaukar miliyan 4.8 amma an tsayar da ita a rabi. Gaskiya ne akwai abin da ta bari, kuma ya kamata ta san nawa ne. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa hannun jari zai riƙa fin hauhawar farashi da kashi 4 a shekara, wurin ajiya mai kwanciyar hankali kuma ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da hauhawar. A shekara 18, ƙarin miliyan 2.4 ɗin da ba ta zuba ba da ya ɗan haura ninki biyu, ya kai wajen miliyan 4.9. Ta bar kusan miliyan 2.5 ke nan. In ta raba shi a kan wata 216, bai wuce ƙarin ajiyar 12,000 a wata ba. Wannan shi ne kuɗin barcinta, kuma tana iya biyansa. Kwatanta shi da ɗaya hanyar: ta zuba miliyan 4.8, ta jure har 3.6, ta sayar, ta mayar da asarar takarda ta zama ta gaske, sannan ta yi shekaru tana tsoron komawa, kasuwa ta tashi ba ta ciki. Ni dai a wurina tsarin da mutum zai iya riƙewa har ƙarshe ya fi wanda ya fi kyau a takarda amma zai yar da shi a tsakiyar hanya.

Idan zuciya ce ta fi aljihu ƙarfi

Wannan ne yanayin da ya fi ba ni tsoro, domin mai shi ba ya jin alamar komai. Ɗauki wani mai shekara 35, ɗan kwangila, shi ma da miliyan 10. Ya saba da samu da rashi, ya ce ko miliyan 5 ta tafi ba zai girgiza ba, kuma na yarda da shi. Amma bi lissafinsa. Larurarsa 400,000 ce a wata, kuma da yake aiki yakan yanke masa na watanni, kuɗin ko-ta-kwanansa na shekara guda ne, miliyan 4.8. Ana bin sa bashin miliyan 2 mai kuɗin ruwa. Yana buƙatar miliyan 2 a hannu don fara kowace kwangila kafin a biya shi. Saura miliyan 1.2. A shekarunsa biyu mafi muni 600,000 ya iya ajiyewa. Ƙarfin aljihunsa ke nan, kuma in an raba da 0.5, iyakarsa miliyan 1.2.

Shi da yake shirin zuba komai, sai ga shi lissafi ya ba shi rabin abin da ya ba matar da ke farkawa cikin dare. Ba tsoro ne zai sa shi sayarwa ba, mai bin bashi ne da kuɗin haya za su sa shi, kuma ba za su tambaye shi ko kasuwa tana sama ko tana ƙasa ba. Haka abin yake, har ma ya fi muni, ga mai cin bashi don ya zuba jari. Idan ka zuba dubu ɗari taka da dubu ɗari ta aro, faɗuwar kashi 50 ta cinye taka gaba ɗaya, bashin kuma yana nan daram. Dillalan da ke ba da irin wannan rancen ma ba sa jira a kai can, sukan sayar da kayan mutum da kansu idan farashi ya sauka zuwa wani mataki.

Bambancin lambobin biyu a nan yake fitowa fili. Ƙarfin zuciya yana iya ƙaruwa da sani da sabo. Ƙarfin aljihu kuwa ba ya jin lallashi, sai an biya bashi, ko an ƙara ajiya, ko samu ya daidaita.

Rubuta shi, ka kuma san lokacin sake aunawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau da hankali ke kwance, matar tamu za ta rubuta rabin shafi: nawa ta zuba a hannun jari, cewa ta san zai iya komawa miliyan 1.2, cewa kuɗin makaranta da na ko-ta-kwana ba sa ciki, da abin da za ta yi ranar da ya faɗi, wato ta ci gaba da zubin wata-wata, kuma ba za ta sayar da komai ba sai ta kwana bakwai da shawarar. Ta sa kwanan wata. Za ta kuma cire manhajar duba farashi daga fuskar wayarta ta koma dubawa sau ɗaya a wata uku, domin mai dubawa kullum yana ganin ja kusan rabin kwanakin, kuma kowane ja yana cizo, ko da shekarar gaba ɗaya riba ce.

Hawan kasuwa ma yana ɓata lissafin a ɓoye. In miliyan 2.4 ɗinta ya girma ya zama miliyan 4, asarar da take fuskanta ta koma miliyan 2, ta haura iyakar da ta sa wa kanta ba tare da ta yanke shawarar komai ba. Sau ɗaya a shekara sai ta duba, ta rage abin da ya yi yawa ta mayar ɗaya ɓangaren, ko kuma ta karkatar da sabon zubinta can har rabon ya daidaita.

Ƙarfin aljihu ana sake auna shi idan rayuwa ta canja: aure, haihuwa, sauyin aiki, gado, ciwo mai tsawo, ko ritaya ta matso. Ƙarfin zuciya kuwa ba a auna shi a tsakiyar faɗuwa, ba a kuma auna shi bayan shekara uku na hawa, domin duka biyun amsar ƙarya suke bayarwa. Lokacinsa shi ne bayan guguwa ta wuce. In ta ratsa faɗuwar kashi 30 tana barcinta kuma ba ta taɓa komai ba, ta sami hujjar ɗaga lambarta ta biyu daga miliyan 1.2 zuwa, a ce, 1.5, wanda zai ba ta damar miliyan 3 a hannun jari. In kuma ta sami kanta tana jawo wayar nan da ƙarfe biyun dare, to lambar ta yi mata yawa. Ta jira kasuwa ta lafa, ta sauko da ita zuwa 900,000, ta ƙara kaɗan a kan ajiyarta ta wata don cike gurbin.